Lambobin kwantam huɗu: adireshin kowane elektron a cikin atam

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyar na sakandare a Gusau. An koya mana cewa lambobin kwantam huɗu, wato n, l, mₗ da mₛ, su ne adireshin elektron, na kuma haddace su. Amma da aka ce mu fitar da lambobin elektron na ƙarshe a atam ɗin ƙarfe mai lamba 26, sai na rasa inda zan kama. Ina roƙon Malam ya warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya tsayar da kai ya tsayar da ɗalibai da yawa da suka zauna a gabana cikin shekarun da na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai, kuma kusan kullum tushen matsalar ɗaya ne: an haddace lambobin huɗu kamar kowace tana zaman kanta, alhali kuwa a sarƙe suke, ta farko ce take yanke wa ta biyu iyaka, ta biyu kuma ta yanke wa ta uku. Idan ka kama wannan sarƙar, ba ƙarfe kaɗai ba, kowane sinadari aka ba ka za ka iya bin sawunsa.

Ka ɗauki atam a matsayin tsohon gari irin namu, wanda fadar sarki take tsakiyarsa, unguwanni kuma suna kewaye da ita, wata kusa, wata nesa. Fadar ita ce cibiyar atam, inda furoton da niyutiron suke, elektron kuma su ne mazauna gari. Idan baƙo ya sauka a tasha yana neman wani mutum, ba zai same shi da sunan unguwa kaɗai ba. Sai an gaya masa unguwar, a gaya masa gidan, a nuna masa ɗakin, sannan tunda ɗakunan wannan gari mutum biyu suke ɗauka, a bambance masa wanne daga cikin biyun yake nema. Waɗannan matakai huɗu su ne n, l, mₗ da mₛ, a jere.

Lamba ta farko, n, ita ce unguwa. Tana ɗaukar cikakkun lambobi ne kawai, daga 1 zuwa sama: 1, 2, 3, 4 da sauransu. Babu unguwa ta sifili, babu kuma unguwa ta ɗaya da rabi, kuma wannan rashin tsaka-tsakin shi ne ainihin ma'anar kalmar kwantam: kuzarin elektron a cikin atam hawa-hawa yake kamar matakalar bene, ba kamar gangaren tudu da mutum zai iya tsayawa a duk inda ya ga dama ba. Niels Bohr ne ya shigo da wannan lamba a 1913 domin bayanin atam ɗin haidirojin. Yadda n take ƙaruwa, haka elektron yake ƙara nisa da cibiya a mafi yawan lokaci, haka kuma riƙon da cibiyar take yi masa yake ƙara sassautawa, kamar yadda mutumin bayan ganuwa ya fi na ƙofar fada saurin ficewa daga gari.

Lamba ta biyu, l, ita ce gida, kuma a nan sarƙar take farawa. A kowace unguwa, l tana farawa ne daga 0 ta tsaya a n − 1. Saboda haka unguwa ta 1 gida ɗaya gare ta, l = 0; unguwa ta 2 gida biyu, l = 0 da l = 1; unguwa ta 3 kuma gida uku, 0, 1 da 2. Yawan gidaje daidai yake da lambar unguwa, amma da yake ƙirgen daga sifili yake tashi, lambar gida ba ta taɓa kamo lambar unguwa. Masana sun saba kiran gidajen nan da haruffa maimakon lambobi: l = 0 shi ne s, l = 1 shi ne p, l = 2 shi ne d, l = 3 kuma f. Haruffan gado ne daga masu nazarin layukan haske na da, kuma babu wata dabara a cikinsu sai haddacewa. Idan ka ga an rubuta 3d, an ba ka rabin adireshi ke nan: n = 3, l = 2. Wannan lamba ita ce kuma take nuna fasalin wurin da elektron yake kai-kawo. Na s dunƙulalle ne kamar ƙwallo, na p kuwa kamar kalangu yake, mai kai biyu da siririn tsakiya, cibiyar atam tana daidai wurin da ya tsuke.

Lamba ta uku, mₗ, ita ce ɗaki, wanda a littafinku ake kira obital. Gida ne yake yanke mata iyaka: tana tashi daga −l, ta ratsa ta sifili, ta kai +l. Gidan s ɗaki ɗaya gare shi, mₗ = 0. Gidan p yana da uku, −1, 0 da +1. Gidan d yana da biyar, daga −2 zuwa +2, gidan f kuma bakwai. A taƙaice yawan ɗakuna shi ne 2l + 1. Bambancin ɗakunan gida ɗaya yana ga inda kowanne ya fuskanta, kamar ɗakunan tsakar gida da wani yake kallon gabas, wani kudu, alhali girmansu ɗaya. Muddin babu maganaɗisu a kusa, kuzarinsu daidai yake, babu wanda ya fi wani. Sai an sa atam a cikin filin maganaɗisu sannan su rarrabu, wani ya ɗan hau, wani ya ɗan sauka, abin da Pieter Zeeman ya fara ganin alamarsa a hasken sodiyam a 1896. Ka riƙe wannan magana ta daidaiton ɗakuna, domin za mu bukace ta a kan ƙarfe.

Lamba ta huɗu, mₛ, ba ta dogara da sauran ba, kuma ƙima biyu kaɗai gare ta: +½ ko −½. Ana kiranta juyi, ana kuma zana ta da kibiya mai kallon sama ko mai kallon ƙasa. Ina gargaɗin ɗalibaina kada su ɗauka elektron wata 'yar ƙwallo ce da take juyawa kamar katantanwar yara. Sunan ne kawai ya zauna haka. Abin da gwaji ya tabbatar shi ne kowane elektron yana da halin ƙaramin maganaɗisu, kuma idan aka auna shi ta wata fuska, sakamako biyu ne kawai yake fitowa. A 1922, a birnin Frankfurt, Otto Stern da Walther Gerlach sun tura tururin azurfa ta tsakanin maganaɗisu, sai ya rabu gida biyu cif, bai bazu ba. Azurfa tana da elektron 47, kuma 46 daga cikinsu a haɗe suke biyu-biyu suna soke juna, saura guda ɗaya tilo a 5s, shi ne yake kai atam ɗin ko wannan gefe ko wancan. A 1925 George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit suka gabatar da ra'ayin juyi.

A wannan shekara ta 1925 ɗin ce Wolfgang Pauli ya bayyana dokar da ta sa kalmar adireshi ta dace da waɗannan lambobi: a cikin atam ɗaya, ba a samun elektron biyu da lambobinsu huɗu duka suka zama iri ɗaya. Suna iya haɗa unguwa, su haɗa gida, har su haɗa ɗaki, amma idan sun haɗa waɗannan ukun, dole juyinsu ya saɓa. Tunda juyi iri biyu ne, ɗaki ba ya ɗaukar na uku. Daga nan duk lissafin da aka sa ka haddace yake fitowa da kansa. Gidan s yana ɗaukar 2, gidan p mai ɗaki uku yana ɗaukar 6, gidan d yana ɗaukar 10, gidan f kuma 14. Unguwa ta 2 tana da s da p, wato 2 da 6, jimla 8. Unguwa ta 3 tana da s, p da d, jimla 18. Wannan shi ne asalin 2n² da ka gani a littafi, kuma ina ganin ya fi amfani ɗalibi ya iya fitar da shi da hannunsa sau ɗaya a kan ya maimaita shi sau ɗari.

Yanzu mu zo ga ƙarfe. Lambarsa 26 tana nufin furoton 26 a cibiya, saboda haka elektron 26 za mu rarraba wa masauki. Ƙa'idar sauka ita ce a fara cika wurin da kuzarinsa ya fi ƙasa, kuma hanya mafi sauƙi ta gane jerin ita ce ka haɗa n da l: gidan da jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ake fara cikawa, idan kuma biyu suka yi kunnen doki, mai ƙaramar n ne yake gaba. Da wannan za ka ga 1s ya karɓi biyu, 2s ya karɓi biyu, sun zama 4. 2p ya karɓi shida, sun zama 10. 3s biyu, 12. 3p shida, 18. A daidai nan ne ƙafar yawancin ɗalibai take zamewa, domin hankali yana ba mutum cewa a gama da unguwa ta 3 kafin a tsallaka ta 4. Amma ka yi lissafin: 3d jimlarsa 3 + 2 = 5, shi kuwa 4s jimlarsa 4 + 0 = 4. Saboda haka 4s ne yake karɓar na 19 da na 20. Daga nan 3d da 4p duka jimlarsu 5 ce, sai 3d ya riga saboda n ɗinsa ta fi ƙanƙanta. Sauran elektron shida duka a 3d za su sauka, tsarin ya zama 1s² 2s² 2p⁶ 3s² 3p⁶ 4s² 3d⁶. Kafin ka ci gaba, ka tara ƙananan lambobin da ke sama ka tabbatar sun ba ka 26. Wannan ɗan binciken ya ceci maki masu yawa a ɗakin jarrabawa.

Mun sami rabin amsa ke nan: elektron na ƙarshe yana 3d, wato n = 3, l = 2. Saura ɗaki da juyi, kuma a nan ƙa'idar Friedrich Hund take shigowa. Elektron duka cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna, don haka idan gida yana da ɗakuna masu daraja ɗaya, kowane sabon zuwa yakan kama ɗakin da babu kowa, da juyi irin na waɗanda suka riga shi, sai ɗakuna sun ƙare sannan a fara haɗa biyu. Duk wanda ya taɓa saukar da baƙin biki a gidansa ya san wannan tsari, domin ba a cusa mutum biyu a ɗaki ɗaya alhali ga wani a buɗe babu kowa. Ka zana akwati biyar a jere, ka rubuta −2, −1, 0, +1, +2 a ƙarƙashinsu. Elektron na 21 zuwa na 25 kowanne ya ɗauki akwati ɗaya da kibiya mai kallon sama, wato +½. Na 26 ya iso ya tarar babu ɗakin da ba kowa, sai ya koma akwatin farko ya zauna tare da mai shi, kuma bisa dokar Pauli dole kibiyarsa ta kalli ƙasa. Adireshinsa shi ne n = 3, l = 2, mₗ = −2, mₛ = −½.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa maka a kan wannan amsa, wanda littattafai da yawa suke tsallakewa. Lambobi biyu na farko tabbatattu ne, babu jayayya a kansu. Amma −2 ɗin nan ya fito ne daga al'adar fara jera akwatuna daga hagu da lamba mai ragi. Wani littafin yana farawa da +2, sai amsarsa ta zama mₗ = +2, kuma bai yi kuskure ba, tunda ɗakunan biyar darajarsu ɗaya idan babu maganaɗisu. Haka ma fara cikawa da +½ al'ada ce. Abin da ba ya canzawa shi ne juyin na shida ya saɓa wa na biyar ɗin farko, kuma elektron huɗu sun rage ba su da abokin zama. A jarrabawa ka bi tsarin littafin da malaminku yake amfani da shi, ka kuma zana akwatunan a fili domin mai dubawa ya ga hanyar da ka bi. Waɗannan huɗun da suka rage su kaɗai ba adon takarda ba ne: elektron marasa abokin zama a 3d su ne tushen halin maganaɗisun ƙarfe, ko da yake ƙarfin jan da kake gani a ƙusa ko kwanon rufi yana bukatar ƙarin bayani a kan yadda atam masu maƙwabtaka suke jera juyinsu wuri guda.

Nau'in tambaya na biyu da za ka riƙa haɗuwa da shi shi ne a jero maka adireshi huɗu ko biyar a ce ka nuna wanda ba zai yiwu ba. Hanyar ita ce ka bi sarƙar daga sama, kada ka tsallake mataki. Idan aka ba ka n = 2, l = 2, mₗ = 0, mₛ = +½, tun a mataki na biyu ka kama shi, domin l ba ta kai n; wannan daidai yake da cewa 2d, gidan da babu shi a unguwa ta 2. Idan aka ba ka n = 3, l = 1, mₗ = −2, mₛ = −½, unguwa da gida sun yi, amma gidan p ba shi da ɗaki mai lamba −2. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne ɗalibi ya auna mₗ da n maimakon l, ya ce ai 2 bai kai 3 ba, sai ya amince da adireshin bogi. Ɗaki da gida ake auna shi, ba da unguwa ba. Idan kuwa ka ga mₛ = 0 ko mₛ = 1, ba sai ka duba sauran ba.

Wani wurin tuntuɓe shi ne lokacin da ƙarfe ya rasa elektron ya zama ayon. Tunda 3d ne ya cika a ƙarshe, ɗalibi yakan zaci daga nan za a fara cirewa. Ba haka abin yake ba: na 4s ne suke fara fita, domin su ne a unguwar da ta fi nisa da fada, kuma da zarar 3d ya fara samun mazauna, sai ya nutse ƙasa da 4s. Saboda haka Fe²⁺, irin ƙarfen da yake riƙe iskar oksijin a jinin jikinka, tsarinsa bayan 3p⁶ shi ne 3d⁶, babu kowa a 4s. Shi kuma Fe³⁺, wanda yake cikin tsatsar da take cin tsohuwar garma, ya ƙara rasa ɗaya, kuma wanda ya fita shi ne wancan na shida da ya shiga ɗakin wani, sai a bar 3d⁵, ɗaki biyar kowanne da mutum ɗaya. Ƙa'idar haɗa n da l ma tana da inda take karyewa ko a atam da bai rasa komai ba. Kuromiyam mai lamba 24 tsarinsa 4s¹ 3d⁵ ne, ba 4s² 3d⁴ ba, jan ƙarfe mai lamba 29 kuma 4s¹ 3d¹⁰ ne, domin tazarar kuzari tsakanin 4s da 3d kaɗan ce ƙwarai, har ƙaramin bambanci yakan juya lissafin. Ka lura cewa Fe²⁺ da kuromiyam duka elektron 24 gare su, amma masaukinsu ya bambanta, saboda cibiya mai furoton 26 ba ta jan mazaunanta kamar mai 24. Waɗannan biyun, 24 da 29, ka haddace su a matsayin togaciya.

Saura iyakar misalin kansa, kuma ba na son ka bar nan ba tare da ita ba. Adireshin mutum yana kai ka har inda yake zaune ka yi masa sallama. Na elektron ba ya yin haka. Lambobi uku na farko sun fito ne daga lissafin da Erwin Schrödinger ya wallafa a 1926, kuma abin da lissafin yake bayarwa shi ne yiwuwar samun elektron a kowane wuri, ba takamaiman inda yake a wani lokaci ba. A 1927 Werner Heisenberg ya nuna cewa ba za a iya tantance wurin elektron da saurin tafiyarsa duka biyun daidai a lokaci guda ba, kuma wannan halin abin ne, ba gazawar kayan awo ba. Don haka ɗakin da muke magana ba shi da bango. Ƙwallo da kalangun da ake zanawa a littafi iyaka ce da aka shata domin ta ƙunshi wajen kashi 90 cikin 100 na yiwuwar samunsa. A haidirojin, nisan da aka fi sa ran samun elektron na 1s daga cibiya kusan nanomita 0.053 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan ɗaya na mita, amma yana iya kasancewa kusa da haka ko nesa. Unguwannin ma suna shiga juna, har elektron na 4s yakan kutsa kusa da fada wani lokaci, kuma wannan kutsen yana cikin dalilan da suka sa 4s yake riga 3d cika a fotasiyam da kalsiyam. Ma'anar adireshin a nan ita ce halin da elektron yake ciki: matakin kuzarinsa, fasalin wurin kai-kawonsa, fuskar da wurin ya kalla, da juyinsa.

Idan kana son ganin sauyin adireshi da idonka, ka barbaɗa ɗan gishiri a kan shuɗiyar wutar risho ko ta gas, da izinin masu gida, ka ga harshen ya koma rawaya. Sodiyam yana da elektron 11, na ƙarshensu yana 3s, wato n = 3, l = 0, mₗ = 0. Zafin wuta yana ɗaga shi zuwa 3p, inda l = 1, kuma da ya dawo gidansa sai ya saki rarar kuzarin a matsayin haske mai tsawon zango kusan nanomita 589. Tunda tazarar 3p da 3s a sodiyam ƙayyadadda ce, launin ba ya canzawa, ko a Gusau aka yi gwajin ko a Argungu. Idan aka duba hasken da na'urar rarrabe launi mai kyau, layin rawayan yakan bayyana a matsayin layi biyu dab da juna, 589.0 da 589.6, kuma juyin elektron ne ya raba su.

Domin ka gwada hannunka, ka ɗauki oksijin mai lamba 8, wanda tsarinsa 1s² 2s² 2p⁴ ne, ka zana akwati uku, ka sa kibiyoyin bisa ƙa'idar Hund. Idan ka fara jerin daga −1, elektron na takwas zai ba ka n = 2, l = 1, mₗ = −1, mₛ = −½, biyu kuma su rage ba abokin zama. Daga nan ka yi manganis mai lamba 25 da kobal mai lamba 27, maƙwabtan ƙarfe na hagu da dama a jadawalin sinadarai, ka kai wa malaminku ya duba maka akwatunan. Allah ya ba da sa'a.